Wane Littafi Zan Fara da Shi a Larabci?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na yi sauka, ina karanta Alƙur'ani da kyau amma ban san ma'ana ba. Ina so in riƙa gane Ahalari da Arba'una da kaina, kuma idan Allah ya kai ni Umra in ji abin da mutanen can suke faɗa. Ɗinki nake yi a Fagge, bayan Isha'i kawai nake da lokaci. Wane littafi zan saya?

Wani ɗalibi daga Gwale: Wa alaikumus salam. Yaya, ka nemi Ajrumiyya ka haddace. Nahawu shi ne tushe, duk malamanmu ta nan suka bi.

Malamin Islamiyya a Ƙofar Mata: Ɗana, gaskiya ne ta nan suka bi, amma ba da ita suka buɗe ba. Ajrumiyya ƙa'idoji ne a dunƙule, kuma ƙa'ida ba ta zama a kan mutumin da bai tara kalmomi ba tukuna. Na sha ganin wanda ya haddace alamomin rafa'u tsaf, ka ba shi layi guda ya nuna maka fa'ili ya kasa.

Mai tambaya, ka shiga Kurmi ka nemi Durusul Luga na Dakta Abdurrahim, wanda ake kira littafin Madina. Juzu'i 3 ne. Na farko darasi 23 ne, da "haza baitun" yake farawa, wato "wannan gida ne". Kada ka raina shi don ka ga kamar na yara ne. Darasi biyu a mako ya ishe ka, cikin wata uku ka gama. Sharaɗin shi ne ka rubuta duk tamrin, wato aikin gwajin da ke bin kowane darasi, a littafinka da biro, ka sa wasalin ƙarshen kowace kalma da hannunka, sannan ka kai wa wani ya duba. Wanda ya tsallake tamrin, a juzu'i na biyu yake tsayawa cak, inda fi'ili yake fara juyawa.

Ga abin da ya sa na nace a kan wasalin. Dubi aya ta 28 a Suratu Faɗir: "innama yakhshallaha min ibadihil ulama'u". Sunan Allah ne ya riga zuwa, amma da fataha, "ulama'u" kuma ya zo ƙarshe da rufu'a, alamar wanda ya aikata. Saboda haka malamai ne masu jin tsoron Allah. Wanda ya bi jerin kalmomi kamar yadda muke yi a Hausa zai kifar da ma'anar gaba ɗaya. Kai da kake da sauka, wasalin nan yana bakinka tuntuni, dalilinsa kawai za ka koya.

Idan ka kai tsakiyar juzu'i na biyu, ka haɗa da Ƙasasun Nabiyyin na Nadawi. Jimlolinsa gajeru ne, labaran kuma ka san su. Ajrumiyya ko Nahawul Wadihi su biyo baya.

Wata 'yar uwa daga Hotoro: Ni matsalata daban. Na karanci Ahalari da Ishmawi a gaban malama, ina fassarawa ba gargada, amma jiya na buɗe wani littafin ban gane komai ba. Malam, me ya same ni?

Malamin Islamiyya: Malama, fassarar kika haddace, ba Larabcin ba, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ki gwada kanki: ki ɗauki layin da ba ki taɓa ji ba, ki fitar da fi'ili da wanda ya aikata. Idan ya gagara, ki koma juzu'i na farko. Da kalmomin da kika riga kika tara, za ki yi sauri.

Wani Alhaji, ɗan kasuwar Kwari: Malam, ka bar rabin tambayar. Na je Saudiyya da Larabcin littafi, ina cewa "uridu", su kuwa "abga" suke cewa. Bamisire ya ce "ayiz", ɗan Sudan ya ce "dayir", duk "ina so" ke nan. Su suna gane ni, ni ne ba na gane amsarsu. Al'arabiyyatu Baina Yadaik ta fi taimaka mini, don hira ce ta kasuwa da gida da tafiya, ga murya da ake saurara. A ganina da ita ya kamata ya fara.

Malamin Islamiyya: Alhaji, tana da kyau wajen buɗe kunne da baki, amma ita ma fusha ce, wato Larabcin littafi, ba za ka sami "abga" a ciki ba. Kuma mai awa ɗaya bayan Isha'i, idan ya ɗauki biyu tare, ina jin tsoron ya saki duka.

Alhajin Kwari: Ai ba sai ya zauna mata ba. Yana kan keken ɗinki ya kunna muryar, ya yi ta maimaitawa. Da dare ya yi naka littafin.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan shiga Kurmi. Saura wanda zai riƙa duba mini tamrin, ko akwai wanda ya san inda ake karantar da Durus da dare a wajejen Fagge?