Excel na cinye mini sifiri da ƙugiya

Jama'a, ku taimaka. Ina da teburin kayan shago a takarda, layi ashirin, ginshiƙi huɗu. Na ɗauki hotonsa, na bi Data, From Picture a Excel. Ya zuba shi nan take, amma 05 ta koma 5, "ƙwai" ya zama "kwai", inda takardar ta lanƙwashe kuma layi biyu suka haɗe.

Abin da ya fi damuna farashi ne. 1,800 ta fito 1,300, kuma bai yi mata alama wajen Review ba, sai da jimilla ta ƙi daidaita na gano. Tunda dole in bi kowane gida da ido, anya bugawa da hannu bai fi sauri ba? Daga layi nawa hoton ke fara biyan wahalarsa? Kuma in na mai da ginshiƙin Text tukuna, sifirin zai tsira?