Neman kalma: bambancin da canjin dala ke haifarwa a ƙarshen wata

Mai tambaya, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina koya wa ma'aikatan wani shago a nan Zariya daidaita asusun dala da takardar banki, kuma ina neman sunan da za mu ba layin da manhajarmu ke kira `Exchange Gain or Loss`. Ga misalin da nake ba su. An turo dala 2,000 ranar 5 ga wata, muka shigar a kan naira 1,500, littafi ya nuna 3,000,000. Ranar ƙarshen wata dala ta kai 1,540, wato kuɗin ya zama 3,080,000, alhali ko sisi bai shiga asusun ba. Wannan 80,000 ɗin nake so mu raɗa wa suna, kuma ni "ribar canji" ta fi kwanta mini.

Wani ɗan kasuwa, Sabon Gari:
Malam, ni giɓi nake kiransa. A watan jiya na tura wa asusuna dala 1,000, da takardar banki ta zo sai na tarar da 985, kuma har yau raina bai daina ɓaci ba.

Wata akanta, Kongo:
Alhaji, naka ba canji ya jawo shi ba, mai yiwuwa cajin tura kuɗi ne aka cire a hanya, kuma gurbinsa daban ne a littafi. Shi ya sa ake fara daidaitawa dala da dala, layi bayan layi, kafin a waiwayi naira. Idan dala ta yi daidai a ɓangarorin biyu amma naira ta saɓa, to farashi ne ya motsa, kuma za ka tabbatar idan ka ninka ragowar dalar da tazarar farashin biyu: 2,000 sau 40 ya ba da 80,000 cif. Idan bai fito cif ba, a duba ko an shigar da wata hada-hada da farashin wata rana dabam. "Giɓi" kuwa ina tsoronsa, domin mai shago yana jin sa zai fara zargin yaransa da sata.

Malam, "riba" ma tana da matsala, domin da bashin dala 2,000 ake bin shagon, wannan tashin asara zai zama. Ƙa'idar akantoci ta duniya kan canjin kuɗi, wato IAS 21, bambanci kawai ta kira shi, saboda haka na fi son "bambancin canji".

Wani ɗalibi, Samaru:
Hajiya, me zai hana "tazarar canji"? Ta fi daɗin faɗa.

Akantar:
Ɗana, kunnen 'yan kasuwa ya riga ya saba da ita a kan ratar da ke tsakanin farashin banki da na 'yan canji.

Mai tambaya:
Na karɓi "bambancin canji", Hajiya. Saura yadda za mu rarrabe wanda yake a takarda kawai da wanda ya tabbata bayan an sayar da dalar, domin "ribar takarda" da na gwada jiya, ma'aikatan sun ɗauka ribar ƙarya nake nufi.