Neman kalmar Hausa: wane suna za mu ba hanyar gano shekarun kufai da kabon?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum. Ina shirya darasi a kan kwalekwalen Dufuna, tsohon jirgin ruwan da aka tono a jihar Yobe, domin ɗalibai masu koyon tarihi da Hausa, sai na ci karo da hanyar da masu tono kayan tarihi suka bi suka gano shekarunsa, wadda Turawa ke kira rediyokabon. A wani rubutu na ga an ce "gwajin kimiyya" kawai, wanda bai gaya wa ɗalibi komai ba, a wani kuma an ce "tantance shekaru da na'ura". Ina neman suna gajere wanda zai shiga bakin mai karatu, kuma ba zai ɓatar da shi game da abin da ake yi ba.

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Tun da akwai rediyo a cikin sunan, ina ganin a ce "awon shekaru da igiyar rediyo". Ai na'urar tana aika sauti ne cikin ƙasa ya dawo mata da labari, kamar yadda masu haƙar rijiyar burtsatse ke neman ruwa.

Malam Isiyaku: Baba, a gafarce ni, wannan rediyon ba shi da alaƙa da akwatin da muke sauraro. Ni na ji cewa gawayi ake ɗauka daga ramin da aka tona a kai ɗakin bincike, kuma kalmar kabon ɗin ma asalinta gawayi take nufi a Latin. Saboda haka shawarata ita ce "awon gawayi". Gajere ne, Hausa ce tsantsa, kuma mun riga mun saba da awon ciki da awon hatsi.

Dakta Rabi: Malam Isiyaku ya kusa, amma gawayi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da ake aunawa. Ana auna ƙashi, da fata, da zare, da ƙwayar hatsi, da itacen da bai taɓa ganin wuta ba, kamar kwalekwalen da ake magana a kansa. Bari in faɗi abin da ake yi, domin daga nan ne sunan zai fito.

A cikin iska akwai wani nau'in kabon da ake kira kabon-14, wanda ake ta samar da sabonsa a can saman sararin sama. Kaɗan ne ƙwarai, kamar ƙwaya ɗaya a cikin tiriliyan ɗaya na kabon ɗin da aka saba da shi. Tsiro yana zuƙarsa daga iska, dabba ta ci tsiro, mutum ya ci su duka biyun, don haka duk mai rai yana ɗauke da kusan gwargwadon da ke cikin iskar zamaninsa. Ranar da ya mutu shigowa ta tsaya, abin da ke jikinsa kuma ya ci gaba da raguwa a kan ƙa'ida ɗaya, wato rabinsa yana tafiya a cikin shekara 5,730, rabin abin da ya saura ya sake tafiya a cikin wasu 5,730. Willard Libby ne ya fito da hanyar a Jami'ar Chicago wajen 1949, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Abin da ɗakin bincike ke aunawa shi ne ragowar, shekarun kuwa lissafo su ake yi daga baya.

Ga yadda abin ya kasance a Dufuna, a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe. Wani Bafulatani makiyayi ne ya ci karo da kwalekwalen a 1987 yana haƙa rijiya, a zurfin kusan mita 5, aka fito da shi a 1994, tsawonsa ya ɗara mita 8. An aika gutsuren itacen zuwa ɗakunan bincike biyu a Jamus. Ɗaya ya ba da shekara 7,264 da ƙari ko ragin 55, ɗayan ya ba da 7,670 da ƙari ko ragin 110. Ma'anar waɗannan lambobi ita ce abin da ya saura a jikin itacen kusan kashi 40 cikin 100 ne na kabon-14 ɗin da ke cikinsa yana tsaye. Saboda haka ni zan ce "awon ragowar kabon".

Malama Hadiza: Na gode, Dakta. Amma ko'ina na duba ana cewa kwalekwalen ya haura shekara 8,000, ga shi lambobin da kika kawo duka ba su kai ba. Wanne zan rubuta wa yara a allo?

Dakta Rabi: Ki rubuta 8,000 ɗin. Lambar da ɗakin bincike ke bayarwa ba shekarun kalanda ba ce, kamar dai yadda shekarar Hijira ba daidai take da ta Miladiyya ba sai an juya. Bambancin shi ne Hijira da Miladiyya lissafi ɗaya ke juya su kullum, a nan kuwa babu irin wannan lissafin, domin yawan kabon-14 a iska ya riƙa hawa da sauka a tsawon zamani. Abin da masana suka yi shi ne suka auna zoben tsofaffin itatuwa na Turai da Amurka, waɗanda ke ƙara zobe ɗaya kowace shekara kuma ana iya ƙirga su da ido, suka haɗa jadawalin daidaitawa. Idan aka ɗora lambobin Dufuna a kan jadawalin, ta farko tana faɗawa gabanin shekara ta 6000 kafin Miladiyya da kaɗan, ta biyu kuma wajen 6500.

Ki lura kuma cewa tazarar da ke tsakanin awon biyu, kusan shekara 400, ta fi ƙarfin ƙari ko ragin da kowannensu ya ɗauka. Abu ɗaya aka auna, amsa ta zo biyu. Mai gaskiya sai ya ce tsakanin kaza da kaza, ba zai ɗauki wadda ta fi tsufa don ta fi daɗin faɗa a jarida ba.

Malam Lawal mai fassara: Wannan bayanin ya sa na ƙi yarda da "tantancewa" da aka ambata a farko. Wanda aka tantance an gama da shi, babu sauran shakka, alhali amsar da ke zuwa da ƙari ko ragi ba a gama da ita ba. "Kintace" kuma ya yi rauni, domin kintace ba ya buƙatar ma'auni. Kalmar da ke tsakiya ita ce ƙiyasi, wadda malaman fiƙihu suka san ta da gina hukunci a kan abin da aka sani. Damuwata da "awon ragowar kabon" ita ce babu shekara a cikinsa, mai karatu zai iya ɗauka maganar hayaƙin mota ake yi. Ina ba da shawarar "ƙiyasin shekaru da kabon". Idan ana so a fayyace, a ce "ƙiyasin shekarun kufai da kabon".

Dakta Rabi: Ƙiyasi ya yi mini, Malam, amma ina roƙon a cire kufai, domin a nan ne hanyar ta fi yaudarar mutane. Kabon bai san kufai ba, bai san gari ba, mutuwa kawai ya sani. Idan aka auna gawayin da aka samu a murhu, amsar da za ta fito ita ce lokacin da itacen ya daina girma, ba lokacin da aka hura wutar ba. Tsakiyar babban kututture ta daina karɓar kabon tun itacen yana ƙarami, kuma a busasshen wuri mataccen itace yana iya kwanciya shekaru masu yawa kafin wani ya tsinto shi ya ƙona. Wannan na cikin dalilan da suka sa har yau ake jayayya a kan tsofaffin shekarun da aka ba wa ƙirar ƙarfe a duwatsun Termit na Nijar. Ga kuma gara da ɓera, waɗanda ke saukar da abin sama zuwa ƙasa, har a tarar da sabon gawayi kwance kusa da tsohon kasko.

Shi ya sa masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka yi aiki a kufan Nok, tsohuwar al'adar tsakiyar Nijeriya da ta shahara da mutum-mutumin yumɓu, tun daga 2005 suka fi dogara da ƙonannun ƙwayoyin gero. Ƙwayar gero damina ɗaya ta yi a duniya, kuma hannun mutum ne ya shuka ta, don haka mutuwarta da zaman mutanen wurin kusan lokaci ɗaya ne. Da irin wannan suka mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen 1500 kafin Miladiyya. Su kansu mutum-mutumin yumɓun ba a auna su da kabon, tun da yumɓu bai taɓa rai ba, abin da aka tarar tare da su ake aunawa.

Ko da geron ma akwai inda hanyar ke makancewa. Tsakanin 800 da 400 kafin Miladiyya jadawalin daidaitawa ya kwanta, duk abin da ya mutu a cikin waɗannan shekaru 400 yana ba da kusan lamba ɗaya, wajen 2,450. Rashin sa'a, a daidai wannan zangon ne tsofaffin murhun narkar da tama na Nok suke faɗawa, don haka komai kyan na'ura ba za ta iya raba na farkon zangon da na ƙarshensa ba.

Alhaji Buhari: Ni abin da ya shafe ni daban ne. Muna da wani kundi a gidanmu wanda manya suka ce tun zamanin jihadi aka rubuta shi. Idan na yanki gefen takarda ɗaya na aika, za a gaya mini shekarar?

Dakta Rabi: Ranka ya daɗe, kada ka yanka. Daga wajen 1650 zuwa 1950 jadawalin ya yi ta lanƙwasa, ga hayaƙin kwal da fetur da ya gauraya da iska, don haka lamba ɗaya tana iya dacewa da zamani uku ko huɗu. Za ka biya kuɗi a ce maka ko ƙarni na 18 ko na 19 ko farkon na 20, abin da ka riga ka sani. Ka ɗaga takardar a hasken rana ka duba tambarin da ke cikinta, irin mai wata uku na takardun Italiya, sannan ka duba ƙarshen kundin ko mai kwafi ya rubuta sunansa. Masanin rubuce-rubucen hannu zai fi amfanarka.

Malam Isiyaku: Na janye gawayi, amma ban janye awo ba. "Ƙiyasin shekaru da kabon" ya yi tsawo a baki, kuma na tabbata ɗalibai za su gutsure shi su ce "awon kabon" ko mun so ko mun ƙi.

Malama Hadiza: To zan sa "ƙiyasin shekaru da kabon" a kan darasin, in bar "awon kabon" ga aikin da ake yi a ɗakin bincike. Saura wannan shekara 5,730 ɗin da rabi ke tafiya. Na ga wani ya fassara ta da "rabin rai".

Malam Lawal mai fassara: Kada ki kuskura, Malama. "Rabin raina" masoyi ke faɗa wa masoyiyarsa, ajin zai fashe da dariya kafin ki kai ga lamba. Ni zan ce "wa'adin rabi".

Dakta Rabi: Wa'adi idan ya cika abu ya ƙare, wannan kuwa yana cika ya sake farawa a kan abin da ya saura. "Zango" ya fi kusa, tun da ayari yana sauka ya sake tashi, sai dai "zangon rabi" bai zauna mini a kunne ba tukuna.