Kuɗin manhajar shago: a caji kowane yaro ko a caji shagon?

Mai haɗa manhaja, Tarauni: Salamu alaikum jama'a. Ina da manhajar lissafin kaya da ciniki, shaguna 40 ke amfani da ita, yawanci a Kantin Kwari da Singa. Naira 3,000 nake karɓa duk wata a kan kowane mutum, bayan gwajin kyauta na sati biyu. Damuwata biyu ce. Shago mai yara biyar sai ya biya na mutum ɗaya, kowa ya riƙa shiga da lambar sirrin maigida. Sannan duk wata sai kusan shago huɗu sun daina biya. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon hannu, Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Ƙanena, damuwar taka ai ɗaya ce, ba biyu ba. Abin da Alhaji yake saya a wurinka shi ne ya san wane yaro ya sayar da wace atamfa, nawa, ƙarfe nawa. Ranar da mutum biyar suka shiga da suna ɗaya, wannan amfanin ya tafi. In kaya suka ɓace ya duba, sunansa kawai zai gani, sai ya ce to me ya raba wannan da littafi? Farashinka ne ya koya masa raba lambar, raba lambar kuma ita ta kore shi.

Yi lissafi ka gani. Huɗu cikin 40 kashi goma cikin ɗari ke nan, wato kusan wata goma shago yake yi a hannunka. Sau 3,000, ka samu 30,000. In shigar masa da kaya da koya wa yara da kuɗin adaidaita sun ci 15,000, rabi ya tafi tun ba ka biya kuɗin sabar da ke ajiye bayanan manhajar, wadda ake biya da dala, ba. Ni mataki biyu na yi wa masu kemis: shago ɗaya har mutum uku 6,000, shago da sito har mutum goma 15,000. Wanda ya buɗe reshe ba ya jayayya in ka ce ya hau sama, don ya san ya girma. Ƙara yaro kuwa ba girma ba ne a wurinsa.

Mai yadi, Kwari: Gaskiya ya faɗa. Gabanin sallah nakan ɗauki ƙarin yara biyu, bayan sallah su tafi. Zan riƙa kiran mai manhaja ne ƙara min, rage min? Manhajar da na bari ma ba tsada ce ta kore ni ba. Sati biyun nasu ya ƙare ban gama shigar da shadda ba, balle leshi, sai ga saƙo wai in biya. In biya me?

Ɗalibin kwamfuta: To a mayar da gwajin wata uku mana. In suka saba ba za su iya bari ba.

Tsohon hannu: Tsawaitawa daidai ne, amma wata uku ka koya masa cewa kyauta ce. Kwana 30 ya isa, kuma a fara ƙirga daga ranar da aka shigar da cinikin farko, ba ranar rajista ba, ta yadda zai ƙirga kayan ƙarshen wata da ita sau ɗaya. Nan yake ganin giɓi. In kuma ka ga shago ya yi sati ba a shigar da ciniki ba, je ka da ƙafarka, ya kama hanyar tafiya ke nan.

Mai shagon waya, Farm Centre: Ni dai a daina cirar wa mutane kuɗin data ba izini. Ka sayi na wata, ya ƙare, sai kawai su sabunta da katin kiranka.

Mai haɗa manhaja: Yallabai, wannan na kamfanin layi ne, ba namu ba.

Hajiya mai makaranta, Hotoro: A'a, maganarsa ta taɓo wani abu. Mutanenmu ba sa son a riƙa cira daga katin banki kai tsaye. Ni an taɓa rufe min manhajar sakamakon jarrabawa ana tsakiyar haɗa sakamako, ashe katina ne wa'adinsa ya ƙare ban sani ba. A littafinsu na fita, alhali ina nan. Malam, cikin huɗun nan naka, ka kira ka ji nawa ne suka bari da gangan? Mu yanzu duk zango muke turawa ta banki a kan kowane ɗalibi, don lokacin ne iyaye ke biya.

Mai haɗa manhaja: Hajiya, ban kira duka ba, yau zan fara. Amma in na koma 6,000, masu ƙaramin tebur da ke aiki su kaɗai fa? Na ninka musu ke nan.

Tsohon hannu: Bar tsofaffin a kan 3,000 ɗinsu, sababbi su shiga sabon tsari.

Mai yadi: Hmm. A Kwari? Kafin la'asar maƙwabcina ya san nawa nake biya.