Mushe Lawali na son barin alli: me zai rubuta a saman CV?

Lawali: Salamu alaikum ƴan zaure, barkanku da dare. Ina neman shawara. Shekarata 9 ina koyar da lissafi a wata kwalej nan cikin Damagaram, shekara biyu ke nan kuma ina koyon Python, yaren rubuta manhaja, da dare. Na ga sanarwar aiki daga wani kamfani a Yamai, sun rubuta "Développeur Python junior". Ɗan sakin layin nan na saman CV, wanda ake sa wa "Profil", shi ya tsaya mini a wuya. Da Faransanci na rubuta, amma ga ma'anarsa: "Malamin lissafi mai ƙwarewar shekara 9, mai haƙuri, mai son aiki da jama'a, mai sha'awar fasahar zamani, yana neman damar da zai fara sabuwar rayuwa a fannin manhaja." Ku duba mini don Allah.

Sanusi: Wa alaikumus salam Mushe. Ni dai shawarata ka share maganar malanta gaba ɗaya. Da sun ga "malami" an gama, gefe za su ajiye takardar. Ka ce kai mai rubuta manhaja ne, ka jera Python, Java, PHP, SQL, duk abin da ka taɓa buɗewa.

Lawali: Java ai sati biyu na yi mata na gudu.

Sanusi: Wa zai sani?

Hadiza: Wanda zai zauna da shi ranar ganawa, shi zai sani, cikin minti biyar ma. Sanusi, rabin maganarka gaskiya ce: kada kalmar farko ta zama "malami". Amma ɓoye shekara 9 ba ya yiwuwa, suna nan ƙasa a jerin ayyukan da ya yi. In kuma ya goge su daga can, mai karatu zai ga mutum ya gama jami'a ya ɓace shekara 9, sai ya fara tunanin abin da ya fi malanta muni.

Malam Lawali, na sha zama tace takardun masu neman aiki a inda nake, bari in gaya maka yadda naka ya zo mini. Ban ga sunan aikin da kake nema ba sai a kalmomin ƙarshe. Haƙuri da son jama'a kowa na rubutawa, har mai neman gadi. Abin da ya fi damuna shi ne "neman dama" da "sabuwar rayuwa": ka faɗi abin da za su yi maka, ba ka faɗi abin da za ka yi musu ba. Tambaya ɗaya: a shekara biyun nan, akwai abin da ka rubuta wanda wani mutum, ba kai ba, yake aiki da shi?

Malam Ibro: Lawali ɗana, ka fara da gaisuwa tukuna. A rubuta zuwa ga mai girma shugaban kamfani, ina mai farin cikin gabatar da buƙatata. Haka muka san ana yi. Takarda babu ladabi ba ta zuwa ko'ina.

Rabi: Baba Ibro, waccan wasiƙar neman aiki ce, ita ma zai rubuta ta daban. Wannan layi uku ko huɗu ne kawai a ƙarƙashin sunansa.

Malam Ibro: To, Allah ya ba da sa'a. Amma dai a yi gaisuwar a wani wuri.

Lawali: Za a yi, Baba. Yaya Hadiza, akwai wani ɗan abu, sai dai ban ɗauke shi a bakin komai ba. Lokacin cike biltan, wato takardar sakamakon yara, muna shan wuya: makin aji da na kwampozisiyo, a fitar da mwayen, a ninka da kwafisiyan na kowace matiyar, a tara, a raba, sannan a jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Na rubuta wani shiri da Python da pandas, yana karanta fayil ɗin Excel na maki, ya yi lissafin, ya fitar da biltan ɗin kowane yaro a PDF.

Hadiza: Kana da wannan a hannu ka tsaya kana ba mu labarin haƙuri? Aji nawa, yara nawa, malamai nawa?

Lawali: Aji 6, yara 412 a bara. Malamai mu huɗu muka fara. Da can aikin kan ci mini kwana uku, yanzu awa ɗaya bai cika ba.

Rabi: Mushe tsaya. Ni ma na riƙe aji shekara 6 kafin in koma aikin tattara bayanai da KoboToolbox, na san aikin biltan. Awa ɗayan nan har da shigar da maki? Don shigar da makin yara saba'in a matiyar goma shi ne mai karya baya, ba lissafin ba.

Lawali: Gaskiya ban da shi. Shigarwa tana nan yadda take, yini guda ko fiye. Lissafi da jerawa da bugawa ne suka koma awa ɗaya, da kuwa su kaɗai kan ci yini biyu.

Hadiza: Madalla da Rabi. To yini biyu za ka rubuta, kuma ka faɗi wane ɓangare ne. In ka ce kwana uku sun koma awa ɗaya, aka ce nuna mana, aka ga shigar da maki na nan, duk sauran lambobinka sun zama abin zargi. Ka ce "muka fara" ku huɗu. Yanzu ku nawa ne?

Lawali: Uku. Ɗaya ya koma lissafin hannu, kuma laifina ne. Wata yarinya ba ta yi kwampozisiyo ɗin Faransanci ba saboda rashin lafiya, aka bar gurbinta babu komai. Ni kuma na sa `fillna(0)` a farkon shirin don ya daina yi mini kuka, sai ya mai da gurbin sifili. Yarinyar da ba ta wuce ta biyar sai ga ta ta 31. Uwarta ce ta zo har makaranta da biltan ɗin a hannu, ta ce a sake dubawa. Ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na gyara: yanzu in ya tarar da gurbi sai ya tsaya, ya fitar da sunayen, malami ya faɗa ko sifili ne ko uzuri. Na kuma rubuta gwaji da pytest a kan gurbi da kuma yaran da suka yi kunnen doki. Amma abokin nawa bai dawo ba.

Sanusi: Wannan kam kada ka bari su ji.

Hadiza: A'a, wannan shi ne mafi tsadar abin da yake da shi. Ba a cikin Profil ba, wurin ya yi kaɗan, kalmar pytest kawai za ta shiga. Labarin ka ajiye shi don ganawa, kusan kullum sai an tambayi kuskuren da mutum ya taɓa yi da yadda ya gano shi. Yawancin masu fitowa daga kwas ba su da amsa, don babu wanda ya taɓa dogara da abin da suka rubuta. Gwada wannan, ka mai da shi Faransanci da bakinka:

"Mai rubuta manhaja da Python (pandas, pytest, Git). Na gina shirin da ke lissafa maki ya fitar da biltan na ɗalibai 412 a aji 6. Malamai 3 ke aiki da shi, ya rage lissafi da bugawa daga yini biyu zuwa ƙasa da awa ɗaya. Shekara 9 ina koyar da lissafi, na san bayanan makaranta daga ciki, na kuma saba koya wa wanda bai taɓa riƙe kwamfuta ba. Ina neman aikin Python a kan sarrafa bayanai."

Ka lura malantar ba ta ɓace ba, ta koma jimla ta huɗu, kuma ta zo da aikin yi: ita ke bayyana dalilin da ya sa ka san kwafisiyan da matsalar gurbi. Sannan ka koma kan sanarwar. In sun ambaci SQL ko Django kuma ka iya, ka rubuta su da harafin da suka rubuta. In ba ka iya ba, kada su shiga.

Lawali: SQLite na ɗan taɓa, Django ko kaɗan. Kuma Django na cikin sanarwar.

Hadiza: To ka tura a haka, ka san dai da giɓi. SQLite in yana cikin shirin biltan ka sa, in a darasi kawai ka gani ka bari.

Rabi: Ni inda ban yarda da Yaya Hadiza ba shi ne jimlar farko. Lokacin da na nemi nawa aikin, da "tsohuwar malama" na buɗe, kuma shi ya sa aka kira ni, don aikin na bin makarantun karkara ne wajen Mirya da Matamaye, suna son wadda diraktoci za su saurara. Ba kowane wuri ne malanta ke komawa baya ba.

Hadiza: Naki aikin ilimi ne mai kwamfuta a ciki, nasa aikin kwamfuta ne zalla. In zai nemi irin naki, ya juya jimlolin, ban ƙi ba. Shi ya sa ba a rubuta Profil ɗaya a yi ta rabawa kamar goron biki.

Sanusi: Ni har yanzu kalmar "junior" ce ban so. Mutum mai shekara kusan arba'in da iyali ya kira kansa ƙarami, ai albashin yara za su yanka masa.

Hadiza: Ban sa ta a rubutun ba, ka duba. Amma ba don albashi ba, don ba ta ƙara komai. Su suka sa ta a sanarwa, sun san matakin da suke ɗauka.

Rabi: Ni da zan sa ta. Tana nuna mutum ya san inda yake, ba ya jiran a ba shi kujerar shugaba saboda furfura.

Sanusi: Furfurar ma ai ba a banza ta fito ba.

Lawali: Wannan sai na kwana a kansa. Wata tambaya: in sa adireshin GitHub, shafin intanet ɗin da ake ajiye manhaja kowa ya gani, a ƙarƙashin Profil ɗin? Shirin yana can.

Hadiza: Ka sa, shi ne shaidarka, kuma ka rubuta README mai nuna yadda ake kunna shi da hoton biltan ɗaya. Amma tsaya. Fayil ɗin makin da ka gwada da shi, na yaran gaske ne?

Lawali: Na ajina ne na bara. Amma na goge shi tun watan jiya.

Hadiza: Gogewa ba ta fitar da shi daga tarihin Git, wanda ke riƙe duk canjin da aka yi wa shirin, duk wanda ya sauke ma'ajinka na GitHub zai iya dawo da shi. Buga wannan, ka sa sunan fayil ɗinka:

```
git log --all --oneline -- notes.xlsx
```

In layi ko ɗaya ya fito, sunayen ƴaƴan mutane da makinsu suna nan a buɗe. Mafi sauƙi gare ka: ka mai da wannan ma'ajin `private` yau ɗin nan, ka buɗe sabo, ka kwafa shirin kaɗai, ka ƙirƙiri yara ashirin na ƙarya da makin ƙarya, har da mai gurbi ɗaya don a ga gyaran da ka yi.

Lawali: Innalillahi. Layi biyu suka fito.

Malam Ibro: Diraktanku ya san ma kana fitar da makin yara daga makaranta?

Lawali: Ya san da shirin, Baba, bai san da GitHub ba. Na rufe shi yanzu. Wayata saura kashi 4 kuma babu wuta a unguwarmu, gobe bayan na fito daga aji zan buɗe sabon in turo muku Faransancin ku duba.

Rabi: Ka turo da sanarwar ma, mu ga ranar da za su rufe karɓa.