Darasi mai ƙarfi ya ɗauki rarrauna: adalci ne ko rufa-rufa?

Alhaji Kabiru: Jama'a, ku raba mini wannan gardama. Ɗan ƙanwata yana karatun tattalin arziki a wata jami'a a Nijar, ya ci 8 cikin 20 a lissafi, amma an ce ya haye zango saboda sauran darussa sun ɗauke shi. Ɗana a nan Najeriya ya ci 38 cikin 100, an ba shi kariyoba. Ni na ce wanda ya faɗi darasi ya faɗi, wucewa da shi ha'inci ne.

Nasiru: Kawu, ai 8 cikin 20 daidai yake da 40 cikin 100, kuma 40 ne makin ci a jami'o'inmu da yawa. Ka ga ashe bai ma faɗi ba.

Malam Isufu: Nasiru, lissafinka daidai ne, amma a wurinmu a Nijar 10 cikin 20 ne makin ci, saboda haka yaron ya faɗi lissafi. Alhaji, ina koyarwa a wannan tsari, bari in nuna maka yadda ake yi. Zango ɗaya kiredi 30 ne, kowane darasi da nauyinsa. A ce yaro ya ci 13 a tattalin arziki mai kiredi 8, ya ci 12 a akanta mai kiredi 6, 11 a shari'a mai 6, 10 a Ingilishi mai 4, sai 8 a lissafi mai 6. Za a ninka kowane maki da nauyinsa: 104, 72, 66, 40, 48. Jimilla 330. A raba da 30, a samu 11. Tunda mwayen ɗinsa, wato matsakaicin makinsa, ya kai 10, inda dokar makaranta ta yarda da haka, an ba shi zangon duka da kiredi 30 ɗinsa. Ba sai ya sake zaman lissafin ba.

Hajiya Rabi: To wannan ai shi ne abin da muke kuka da shi, malamai su ƙara wa ɗalibi maki don tausayi. A zamaninmu idan ka ci 39 a kan je a roƙi malami ya cika maka 40.

Malam Isufu: Hajiya, ba haka ba ne. Babu wanda ya ƙara masa ko rabin maki. 8 ɗin nan tana nan a takardar sakamakonsa, duk wanda ya duba zai gan ta, har masu zaɓen 'yan masta. Kuma doka ce rubutacciya da ta hau kan kowa, da wanda ya san malami da wanda bai sani ba. Roƙon da kike faɗa shi ne ke ɓoye faɗuwa. Yaranmu ma tun daga birbe da bak, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da ta babba, suka saba da mwayen, ba a jami'a suka fara ganinsa ba.

Alhaji Kabiru: Malam, na ji. Amma ka amsa mini wannan: idan 3 ya ci a lissafin fa?

Malam Isufu: Ranka ya daɗe, nan ka taɓa inda ke ciwo. Mu mayar da lissafin 3, Ingilishi kuma 17, sauran yadda suke. Lissafi ya ba da 18, Ingilishi 68, jimilla 328. A raba da 30, ya kusa 11. Ya haye ke nan, alhali bai san komai a lissafi ba. Shi ya sa wasu makarantu ke sa makin da ba a sauka ƙasa da shi, wanda ya gaza shi sai ya koma jarrabawar zagaye na biyu ko da mwayen ɗinsa ya yi kyau. Ni ina goyon bayan a ɗauki mai 8 ko 9, domin tsakanin 9 da 10 sau da yawa tambaya ɗaya ce, kuma malamai biyu za su iya duba takarda ɗaya su saɓa da fiye da haka. Mai 3 kuwa ba na kare shi. Faransa ma da muka ɗauko tsarin daga gare ta, a 2018 ta sake dokar lisansi, ta bar wa jami'o'i damar tsara yadda darussa za su ɗauki juna, ƙungiyoyin ɗalibai kuma suka yi ta ƙorafi.

Injiniya Zainab: Baba Alhaji, a Birtaniya na yi karatu, can ma akwai wannan, amma a ɗaure yake. Makin ci a digirin farko 40 ne. A kwas ɗin da hukumar injiniyoyinsu ta amince da shi, ba a ɗaukar darasin da ya gaza makin ci da fiye da maki 10, wato ƙasa da 30 babu magana. Duk abin da za a ɗauka a tsawon digirin bai wuce kiredi 30 ba, a digirin da shekara ɗaya ke da 120. Babban aikin bincike na ƙarshe kuwa dole ka ci shi da kanka. Da ɗanka can yake da 38 ɗinsa, mai yiwuwa da ya wuce, in sauran makinsa na da kyau.

Alhaji Kabiru: 'Yata, da ya wuce ma ba zan ce ya iya ba.

Hajiya Rabi: Ni dai na yi aikin jinya har na yi ritaya. Wadda ba ta iya lissafin awon magani ba, ko ta ci 90 a komai, ban yarda a ba ta sirinji ba. Yaro mai kilo 10 da babba mai kilo 70 ba awo ɗaya ake musu ba.

Injiniya Zainab: Gaskiyarki Hajiya, irin wannan darasin ne ake warewa tun farko a ce ba a ɗaukarsa. Ni abin da ya fi damuna shi ne darasin da wani ke hawa a kansa. Wanda aka wuce da shi a lissafin shekarar farko zai tarar da ƙididdiga a shekara ta biyu, kuma an riga an ɗauka ya iya abin da bai iya ba. A nan ake gane ɓarnar: faɗuwar da aka yafe a aji ɗaya sai ta dawo a aji biyu, ta fi girma.

Nasiru: To amma kariyoba ma ba gyara take yi ba. Ina da ita yanzu haka. Laccarta tana karo da ta ajina, ban taɓa shiga ba, tsofaffin tambayoyi kawai nake haddacewa. Abokina darasi ɗaya mai yunit 2 ya hana shi fita da 'yan ajinsa, ya ƙara shekara, ya sake biyan kuɗin makaranta da na haya, bautar ƙasa ta wuce shi.

Malam Isufu: Kuma Alhaji, ka lura ku ma kuna yin rabin abin. Ɗanka ya faɗi darasi, amma ya shiga aji na gaba, ko ba haka ba? Abin da ya hana a sa shi a gargaɗi ko a kore shi, kyawun makinsa a sauran darussa ne. Wajen wucewa aji, masu ƙarfin sun ɗauke shi. Bambancin kawai, ku bashin darasin yana bin sa har ya biya, mu kuwa an yafe.

Alhaji Kabiru: Wannan bambancin shi ne maganata gaba ɗaya, Malam. A wuce da shi aji, ban ƙi ba, amma ya dawo ya biya. Na sauko a kan darasin gefe irin Ingilishi ga mai karatun tattalin arziki. A kan lissafi ban sauko ba.

Injiniya Zainab: Baba, wa zai yanke wane ne na gefe? Malamin Ingilishi zai ce wanda bai iya rubuta rahoto ba bai zama masanin tattalin arziki ba.

Malam Isufu: A zaman sashe a kan wannan muke faɗa kowace shekara, kowa na ganin nasa ne ginshiƙi. Alhaji, ka ce wa yaron ya je ofishin sashensu ya tambaya ko dokarsu ta ba shi damar sake zaman lissafin duk da ya haye, kuma wane maki za a riƙe in na biyun ya fi ƙasa. Wasu wurare sabon makin ake ɗauka ko da ya ragu.

Alhaji Kabiru: Zan kira uwarsa yau da dare. In da dama, zai sake.