Soso, tsumma ko katifa: me ake cewa

An tattauna kan abin cuɗa jiki, kuma akasarin masu magana sun fi yabon soson gargajiya, wato na ɗan itacen nan mai yaɗo a danga. Yana fitar da dauɗa sosai, sai dai ramukansa na riƙe ruwa da matacciyar fata, nan ƙwayoyin cuta ke hayayyafa. Shawarar da aka bayar ita ce a canza shi bayan mako 3 zuwa 4, a riƙa ɗauraye shi ana shanyawa a rana, kada a bar shi cikin bokiti a banɗaki. Da ya fara wari ko baƙin ɗigo ya bayyana, a jefar, ko da bai kai lokacin ba.

Tsumman wanka ya fi dacewa da jarirai da masu kaushin fata lokacin hunturu, domin ba ya kankarewa. Shi wanki yake so bayan kowane amfani, ba jefarwa ba.

Soson katifa kuwa, a ganina ya fi kowanne shan sabulu da jinkirin bushewa. Wata 1 zuwa 2 ya ishe shi. Kowa ya riƙe nasa, saboda makero da ƙuraje.